Binciken manhajar lissafi: ka fara daga na'ura, sannan ka nemi takarda

*Assalamu alaikum, Malam. Ni odita ne na cikin gida a wani kamfanin rarraba kaya, shekarata biyu a aikin. An ce in duba tsaron manhajar lissafinmu kafin oditocin waje su iso: masu izinin shiga, yadda ake yin canji, da ajiyar kwafin bayanai. Sashen kwamfuta sun ba ni takardun ƙa'idoji uku da jerin sunaye a Excel, suka ce komai daidai yake. Ni akanta ne, ban karanci kwamfuta ba. Daga ina zan fara, kuma yaya zan gane abin da aka ba ni gaskiya ne?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Takardun nan uku ka karanta su sau ɗaya ka ajiye a gefe tukuna. Abin da ke cikinsu shi ne yadda ya kamata a yi, kai kuwa an aike ka ne ka gano yadda aka yi. Jerin sunayen ma ba hujja ba ne a yanzu, domin ya bi ta hannun mutum kafin ya iso gare ka, kuma goge layi ɗaya a Excel ba ya barin alama. Ba ina nufin mutanen sashen kwamfuta suna ɓoye wani abu ba ne. Sau da yawa jerin da ke hannunsu tsohon ne, su kansu ba su san ya bambanta da abin da ke cikin manhajar ba.

Hanyar da nake bi ɗaya ce a ɓangarorin uku. Ina fara ɗauko abin da na'urar da kanta ta rubuta, sannan in je in nemi takardar da ta halatta shi. Idan ka juya, wato ka ɗauko fayil na fom-fom ɗin da aka sa wa hannu ka bi su zuwa cikin manhaja, komai zai fito maka da kyau, domin wanda ya cike fom kaɗai za ka gani. Wanda aka buɗe wa ƙofa ba tare da fom ba, ko canjin da aka yi da daddare ba a gaya wa kowa ba, ba su cikin fayil ɗin tun asali. Wannan aiki ne irin wanda ka saba: daidai yake da ɗaukar takardar bayanin banki ka bi ta zuwa littafin kuɗi domin ka kama abin da ba a shigar ba. Karatun kwamfuta ba shi ne sharaɗi ba.

Ka kuma san abin da oditocin waje za su zo nema. Ƙa'idar odit ta duniya mai lamba ISA 315, wadda aka sabunta a 2019 ta fara aiki kan shekarun kuɗi daga 15 ga Disamba 2021, ta ɗora musu fahimtar na'urorin da alƙaluman ke bi ta cikinsu da haɗarin da ke tattare da su. Suna dogara da rahotannin da manhaja ke fitarwa, kamar jerin masu bashi bisa daɗewar bashin da darajar kayan sito. Idan ana iya taɓa alƙaluman da ke ƙarƙashin rahoton ba tare da sawu ba, to rahoton ya tashi daga hujja. Saboda haka iyakar aikinka ita ce manhajar lissafi, rumbun bayanan da ke bayanta, sabar, wato babbar kwamfutar da take zaune a kai, da duk wata manhaja da ke zuba mata alƙaluma, kamar ta albashi ko ta kanti. Kada ka ɓata mako kana duba firinta da layin intanet.

Zan bi ka da wani aiki da na yi a farkon 2021, kan lissafin shekarar 2020, a wani kamfanin sayar da kayan gini mai babban ofis ɗaya da rassa uku. Manhajarsu tana zaune kan rumbun bayanai na SQL Server, kuma wani ɗan kwangila ne daga waje yake kula musu da ita.

Na zauna kusa da jami'in kwamfuta na ce ya buɗe shafin masu amfani a gabana ya fitar da jerin ina kallo. Na tabbatar bai sa matatar da ke ɓoye wasu sunaye ba, na ɗauki hoton allon da kwanan wata a jiki, na rubuta adadin layukan da manhajar ta nuna domin in gwada da fayil ɗin da zai ba ni. Sunaye 52 suka fito, kowane da ranar da aka buɗe shi, da matsayinsa, da ranar shigarsa ta ƙarshe. Daga nan na karɓi jerin albashin Disamba daga ofishin kula da ma'aikata, da jerin waɗanda suka bar aiki a cikin shekarar. Jerin albashi nake fifitawa saboda shi ne wanda kamfani ke gyarawa da wuri. Ba a cika mantawa a ci gaba da biyan wanda ya tafi ba, amma ana yawan mantawa a rufe masa sunan shiga.

Sunaye 44 suka dace da mutanen da ake biya albashi. Takwas suka rage, kuma a cikin takwas ɗin nan duk aikin yake. Ɗaya babban sunan da manhajar ke zuwa da shi ne, ɗaya na ɗan kwangila, ɗaya an buɗe shi don gwaji aka manta da shi. Biyu na tarayya ne, `CASHIER` da `STORE`, mutane da dama ke shiga da su. Sauran ukun na ma'aikatan da suka bar aiki ne.

A nan masu fara aikin ke tsayawa, su rubuta cewa an samu sunaye uku da ba a rufe ba, su wuce. Kada ka tsaya. Tambayar da ke bi baya ita ce: an yi amfani da su bayan tafiyar masu su? Biyu daga cikin ukun ba a sake shiga da su ba tun ranar da masu su suka tafi, don haka ƙofa ce aka bari a buɗe amma ba wanda ya bi ta, sai a rufe a rubuta. Na ukun na wani mataimakin akanta ne da ya ajiye aiki ranar 31 ga Maris, amma shigarsa ta ƙarshe a watan Nuwamba take. Na sa aka fitar mini da duk abin da aka shigar da wannan sunan daga 1 ga Afrilu, shigarwa 214 suka fito. Da na bincika, wanda ya gaje shi ne yake amfani da sunan, domin an miƙa masa kalmar sirri tare da makullin durowa, kuma ana cikin kullen korona ba a samu wanda zai buɗe masa nasa ba. Bayanin ya shiga hankali, amma bayani ba ya maye gurbin bauca, sai na bi duka 214 ɗaya bayan ɗaya. Guda 209 suna da takardunsu da sa hannun da ya dace. Biyar shigarwar gyara ce tsakanin asusun abokan ciniki, jimillarsu naira miliyan 3.4, babu takarda ko ɗaya. Huɗu daga ciki an gano kuɗin da aka zuba a asusun da ba nasa ba ne aka mayar, kuma takardar banki ta tabbatar. Ta biyar ta rage wa wani dillali bashin naira dubu ɗari shida, kuma ba wanda ya yarda shi ya shigar da ita, domin a lokacin mutum uku ne suka san kalmar sirrin. Da aka tuntuɓi dillalin ya amsa cewa bashin yana kansa, aka mayar da shi. Abin da kamfanin ya rasa shi ne sanin hannun da ya yi, kuma har yau wannan yana damuna, domin mutum biyu cikin ukun sun zauna da zargin da ba su ci ba su sha ba.

Wannan ita ce illar sunan tarayya, kuma shi ya sa ba na sassauci a kansa. Za a ce maka lasisi ne ya yi tsada, kowane suna da kuɗinsa. Gaskiya ne. Idan dole ne a yi tarayya a kan kanta, to a rage wa sunan iko ya zama buga rasit kaɗai yake iyawa, ba ya soke shi, ba ya rage farashi, a kuma ajiye littafin karɓa da miƙa aiki mai nuna wanda ke kan kujerar daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa.

Bayan ka gama da waɗanda bai kamata su shiga ba, sai ka koma kan 44 ɗin da suka cancanta ka duba abin da kowa ke iya yi. Kada sunan rukuni ya rinjaye ka. Rukunin da aka sa wa suna `Accounts Clerk` yana iya ƙunsar komai, don haka ka sa a buɗe shi ka ga akwatunan da aka yi wa alama. Haɗuwar iko uku nake fara nema a kamfanin ciniki. Mutum ɗaya yana iya buɗe sabon mai kawo kaya ko canza masa lambar asusun banki, kuma yana iya amincewa da biyan kuɗi. Mutum ɗaya yana karɓar kuɗin abokin ciniki, kuma yana iya fitar da takardar rage bashi. Mai riƙe da makullin sito yana iya gyara adadin kaya a manhaja. Sai na huɗu wanda ba haɗuwa ba ne amma ya fi su nauyi a ƙarshen shekara, wato wa ke iya sake buɗe watan da aka rufe. A ƙaramin kamfani ba kullum ake iya raba waɗannan ba, ma'aikatan ba su kai ba. A irin wannan hali sai ka tambayi wa ke duba rahoton canjin lambobin asusun banki a kowane wata, ka ce a nuna maka na wata biyu da sa hannunsa da abin da ya tambaya a kai.

Za a iya kawo maka takardar bitar izini da manajan kuɗi ya sa wa hannu a kowane wata uku. Ka tambaye shi sunan wanda ya cire ko ya rage wa iko a bitar da ta gabata. A kamfanin da nake ba ka labari an sa hannu sau huɗu a shekarar, kuma sunan mataimakin akantan nan yana cikin takardun bita uku na ƙarshe. Sa hannun ya nuna takardar ta iso teburinsa, bai nuna an gwada ta da jerin ma'aikata ba.

Duk wannan ƙofar gaba ce. Akwai ta baya, kuma ita ce akantoci suka fi mantawa da ita. Manhajar lissafi fuska ce kawai, alƙaluman suna cikin rumbun bayanai. Wanda ke da cikakken iko a rumbun yana iya canza adadi kai tsaye, kuma rahoton sawun da manhajar ke fitarwa ba lallai ya nuna komai ba, domin canjin bai bi ta cikinta ba. Idan rumbunku SQL Server ne, ka sa jami'in ya buga wannan kana tsaye:

```sql
SELECT p.name, p.is_disabled
FROM sys.server_role_members m
JOIN sys.server_principals r ON r.principal_id = m.role_principal_id
JOIN sys.server_principals p ON p.principal_id = m.member_principal_id
WHERE r.name = 'sysadmin';
```

Zai jero maka duk sunayen da ke da iko mara iyaka. Ka tambayi mai kowane suna, sannan ka tambayi mutum nawa suka san kalmar sirrin `sa`, wato babban sunan da SQL Server ke zuwa da shi, da yaushe aka canza ta. A can amsar ita ce mutum huɗu, ciki har da wani yaron ɗan kwangilar da ya daɗe da barin wurinsa, kuma ba a taɓa canza ta ba tun ranar da aka girka manhajar. An kuma sa manhajar shiga daga nesa a kan sabar lokacin kulle aka bar ta a kunne dare da rana. Abin da na nema mai sauƙi ne: a canza kalmar, a rubuta ta a rufe a ambulan a akwatin ƙarfe na manajan kuɗi, a ba ɗan kwangila suna nasa na kansa wanda ake kunna masa idan akwai aiki a kashe idan ya gama, da rubutaccen dalili.

Daga nan maganar canji ta taso da kanta, domin masu wannan ikon su ne ke yin canjin. Mutane suna jin kalmar canji sai su ɗauka sabunta manhaja ake nufi, su ce maka ba su yi ko ɗaya ba a bana. A manhajar da aka saya a kasuwa, canjin da ke taɓa lissafi yawanci a saituna yake: adadin haraji, asusun da kowane irin ciniki ke faɗawa, hanyar ƙididdige kuɗin kaya, iyakar bashin abokin ciniki, da rahotannin da ɗan kwangila ya ƙera muku.

Na zaɓi misalin 2020 ne saboda a shekarar akwai canjin da na san dole kowane kamfani ya yi. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin VAT a Najeriya daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, daga 1 ga Fabrairu 2020. Don haka da aka ba ni rajistar canje-canje, abin da na fara nema ke nan, kuma babu shi a ciki. Wannan kaɗai ya gaya mini rajistar ba cikakkiya ba ce. Dabara ce da za ka iya amfani da ita kowace shekara: ka tuna abin da ka sani ya canza a kamfanin, sabon reshe, sabon tsarin farashi, sabon banki, sabuwar dokar haraji, ka duba ko rajistar ta san da shi.

Ga abin da ya faru. Daren 31 ga Janairu an kira ɗan kwangila a waya, ya shiga daga gida, ya buɗe lambar harajin da ake da ita ya goge 5 ya rubuta 7.5. Washegari takardun sayarwa suka fito daidai, kowa ya gamsu. Abin da ba a gwada ba shi ne mayar da kaya. A yadda aka saita manhajar tasu, takardar rage bashi tana ɗaukar adadin harajin da ke kan lambar a ranar da aka buga ta. Dillalin da ya sayi tayil na naira miliyan 2 a Janairu an caje shi harajin naira 100,000. Da ya mayar da kayan a Fabrairu, sai manhajar ta rage masa naira 150,000. An ba shi rarar naira 50,000 da bai taɓa biya ba, kuma harajin da kamfanin ya bayyana wa hukuma a watan ya gaza da wannan adadin. Na ciro duk takardun rage bashi na Fabrairu zuwa Afrilu waɗanda asalin cinikinsu kafin 1 ga Fabrairu ne, guda 31, na sake lissafa su da hannu. Bambancin ya kai kusan naira dubu ɗari bakwai da arba'in. Da an buɗe sabuwar lambar haraji an bar tsohuwar don cinikin baya, da an gwada sayarwa ɗaya da mayarwa ɗaya a kwafin gwaji kafin a taɓa na aiki, da rabin awa ta isa a kama shi.

Abin da kake nema a kowane canji abu huɗu ne, kuma a jere suke: wani ya nema a rubuce, mai iko a sashen kuɗi ya amince, an gwada a wurin da ba na aiki ba kuma akanta ne ya duba sakamakon, sannan aka sa a na aiki. Ka kula da kwanakin, domin amincewar da aka sa wa hannu bayan an riga an yi canjin ba amincewa ba ce. A manyan kamfanoni ana so wanda ya rubuta canjin ya bambanta da wanda ya sa shi a na aiki. Inda mutum ɗaya ne ke yin duka, abin da zai tsaya a madadin haka shi ne wani daga sashen kuɗi ya riƙa duba jerin abin da ya canza a kowane wata.

Jerin kuma daga na'ura zai fito. Rahoton sawu na manhajar zai ba ka canjin saituna, idan an kunna shi, kuma ka duba tun yaushe aka kunna da wa ke iya kashe shi. Don abin da aka taɓa a ginin rumbun, wannan yana taimakawa idan aka buga shi a cikin rumbun manhajar lissafin:

```sql
SELECT name, type_desc, modify_date
FROM sys.objects
WHERE is_ms_shipped = 0 AND modify_date >= '20200101'
ORDER BY modify_date;
```

Ka sa farkon shekarar da kake bincike a wurin kwanan watan. Ka san iyakarsa: ranar canji na ƙarshe kaɗai yake nunawa, ba ya faɗin wanda ya yi, kuma ba zai nuna canjin adadi irin na haraji ba, domin wannan bayani ne a cikin tebur, ba ginin tebur ba. Amfaninsa shi ne ya ba ka ranaku. Idan ka ga abubuwa da yawa sun canza a dare ɗaya a watan Yuni, sai ka buɗe rajista ka nemi Yuni. Takardun kuɗin da ɗan kwangila ya kawo a biya shi ma shaida ce mai kyau, domin yana rubuta aikin da ya yi don a biya shi ko da bai rubuta a rajista ba. Idan canje-canjen ba su wuce goma ko goma sha biyar ba, ka duba su duka, ba sai ka zaɓi samfuri ba.

Saura ajiyar kwafi. A nan ma za a nuna maka takarda mai cewa ana ɗaukar kwafi kowane dare. Rumbun yana riƙe da tarihin abin da ya ɗauka:

```sql
SELECT database_name, type, backup_finish_date, backup_size
FROM msdb.dbo.backupset
ORDER BY backup_finish_date DESC;
```

Harafin `D` cikakken kwafi ne, `I` na abin da ya canza tun cikakken kwafi na baya, `L` kuma na littafin ma'amaloli. Ka zuba sakamakon a Excel ka nemi ranakun da babu komai, ka kuma kalli girman. Kwafin lissafi yakan ƙaru a hankali, don haka idan ya faɗi ƙasa kwatsam ka tambaya. Idan tarihin gajere ne, wataƙila an saita a riƙa share tsohon, sai ka nemi fayilolin kansu. A kamfanin nan an saita kwafin ƙarfe 11 na dare, amma ana kashe janareto ƙarfe 9, batirin inbata kuma ya tsufa. Duk daren da babu wutar gari sabar takan mutu kafin lokacin. A wata uku na ƙarshen shekara, kwana 92, kwafi 57 kawai aka samu, kuma akwai tazarar kwana shida a jere a Nuwamba. Ba wanda ya sani, domin ba a ɗora wa kowa duba sakamakon da safe ba. Maganin bai ci ko kwabo ba: aka mayar da lokacin ƙarfe 6 da rabi na yamma bayan rufe kanta, aka ce jami'in ya duba kowace safiya ya sa hannu.

Sai ka tambayi inda kwafin yake kwana. Nasu yana kan faifan da rumbun yake, a cikin sabar guda. Wannan zai cece ka idan wani ya goge abu bisa kuskure, amma idan faifan ya lalace, ko gobara ta tashi, ko aka sace sabar, ko cutar kwamfuta mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa ta shiga, asali da kwafi tare za su tafi. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba da ita ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Ni ina ƙara cewa ɗayan ya zama ba a haɗe yake da sabar kullum ba. Kuma wanda ke waje a kulle shi da kalmar sirri, domin faifan da ke yawo a jakar ma'aikaci yana ɗauke da albashin kowa da lambobin asusun abokan ciniki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare su. Ka duba har da kwafin ƙarshen kowace shekara, ko ana ware shi a adana, tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a riƙe bayanan lissafi shekara shida.

Gani ya kori ji, don haka kada ka rufe wannan ɓangaren sai an mayar da kwafi a gabanka. Jami'in zai iya cewa yana gudanar da `RESTORE VERIFYONLY`. Yana da amfani, amma abin da yake tabbatarwa shi ne fayil ɗin cikakke ne kuma yana karantuwa, bai tabbatar manhajar za ta tashi a kansa ba. Kai za ka zaɓi ranar, ba shi ba, kuma daga kwafin da ke waje. A mayar da shi a kan wata kwamfuta daban, kada a kusanci sabar aiki, a gudanar da `DBCC CHECKDB`, umarnin da ke duba lafiyar rumbun, a buɗe manhajar a kai, ka fitar da `Trial Balance` na watan da aka riga aka rufe ka gwada da wanda ke cikin fayil ɗinka, kwabo da kwabo. Ka duba lambar takardar sayarwa ta ƙarshe ko ta dace da ranar. Ka kuma riƙe agogo. Namu ya ci kwana ɗaya da rabi, ba don rumbun ba, wannan minti arba'in ya ɗauka. Lambar lasisin manhajar tana wurin ɗan kwangila shi kaɗai kuma yana kan hanya, sannan muka gano hotunan takardun da ake liƙa wa bauca suna wani kundi daban da ba ya cikin kwafin sam.

Kafin ka rubuta rahoto, ka je wurin manajan kuɗi da tambaya biyu: aikin awa nawa za ku iya sake shigarwa daga takarda idan ya ɓace, kuma awa nawa za ku iya ciniki babu manhaja? Amsarsa ce ma'aunin da za ka gwada abin da ka gani da shi. Nasu ya ce kwana ɗaya ga ta farko, awa huɗu ga ta biyu, sai na ajiye tazarar kwana shida da kwana ɗaya da rabin nan kusa da amsarsa a layi guda. Haka za ka rubuta kowane abu: abin da ƙa'idarsu ta ce, abin da na'ura ta nuna da adadinsa, asusun da abin ya shafa da kuɗin da ka bi ka tabbatar, da sunan muƙamin da zai gyara da ranar da ya ɗauka. Hotunan allo da fayilolin da aka fitar a gabanka ka adana su yadda suke, ka yi aikinka a kan kwafinsu, domin oditocin waje za su tambaye ka yadda ka samo kowane jeri kafin su yarda su dogara da shi. Kuma ka nuna wa jami'in kwamfuta daftarin kafin ya hau sama, domin yakan san wani saiti ko wani kwafi da ba ka gani ba, kuma hannunsa ne zai yi yawancin gyaran.